Ranar da Gwamnati Ta Sha Kaye a Kotu

A unguwar Ikoyi ta Legas akwai wani gida mai lamba 29 a kan titin da a da ake kira Queen's Drive. Gidan na kamfanin sufuri ne na Sir Louis Ojukwu, attajirin da ɗansa Emeka ya jagoranci Biyafara a yaƙin basasa. Lokacin yaƙin, gwamnatin Legas ta sa gidan cikin jerin kadarorin da masu su suka gudu suka bari, ta ci gaba da riƙe shi. Bayan Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Emeka Ojukwu afuwa a 1982, ya dawo daga gudun hijira, daga bisani ya tare a gidan. A 1985 gwamnatin soja ta jihar ta aika masa takardar ya tashi. Ya garzaya Babbar Kotun Legas yana neman a hana fitar da shi. Kotun ta ba shi kariya ta ɗan lokaci, daga baya ta ƙi tsawaita ta, shi kuma ya ɗaukaka ƙara. Magana tana gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, ba a kai ga yanke hukunci ba, sai gwamnati ta tura mutum wajen 150 ɗauke da makamai suka yi waje da shi da kayansa.

A watan Nuwamba na wannan shekara Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da umarnin a mayar da shi gidan. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu da umarnin, ta wuce Kotun Ƙoli tana roƙon a dakatar da aiwatar da shi. Ranar 14 ga Fabrairu 1986 alƙalai biyar suka yi watsi da roƙon, cikinsu har da Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Mai Shari'a Kayode Eso ne ya karanta babban hukuncin, kuma bai tauna magana ba: ya kira abin da aka yi rashin bin doka daga ɓangaren zartarwa. Hujjar kotun a taƙaice ita ce, wanda ya taka umarnin kotu ba shi da bakin zuwa kotu ta gaba neman alfarma alhali yana kan taka umarnin. Da zarar rigima ta shiga hannun alƙali, babu mai ikon ɗaukar doka a hannunsa, ko gwamna ne.

Abin lura a nan shi ne kotun ba ta ce gidan na Ojukwu ne ba. Ba wannan aka kawo mata ba, kuma mai yiwuwa ne a ƙarshe gwamnati ta fi shi hujja a kan mallaka. Ba ta kuma duba cewa mutumin da ke gabanta shi ne wanda rabin ƙasar ke gani da jinin yaƙi a hannunsa ba. Abin da ta kare shi ne hanyar da ake bi a raba gardama, ko wane ne mai gardamar. Wannan hanya ita ce masana falsafar shari'a suke kira mulkin doka, kuma duk rubuce-rubucen da aka yi a kanta suna zagaye ne da tambaya guda: me zai sa mai bindiga ya saurari mai alƙalami?

Tunanin ya tsufa. Aristotle ya yi gardamar ko gara doka ta yi mulki ko mutumin kirki, ya karkata ga doka saboda mutum yana da fushi da son rai. Mu ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowane ɗalibin hadisi ya san labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka nemi a sassauta mata saboda darajar gidansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, ya kuma nuna cewa ko 'yarsa ce ta aikata hukuncin ɗaya ne. Amma siffar da ake karantarwa a jami'o'inmu a yau ta fito ne daga wani malamin Oxford, A. V. Dicey, a littafinsa na 1885 kan tsarin mulkin Ingila.

Dicey ya kafa abubuwa uku. Na farko, ba a hukunta mutum a jikinsa ko dukiyarsa sai ya karya wata doka sananniya, kuma an tabbatar da haka a kotu ta yau da kullum. Na biyu, kowa yana ƙarƙashin doka ɗaya da kotu ɗaya, daga firayim minista har ɗan sandan kan titi. Na uku ya fi shafar Ingila ita kaɗai: cewa 'yancin mutane a can ya tsiro ne daga hukunce-hukuncen alƙalai a shari'o'in talakawa, ba daga wata takarda da aka rubuta rana ɗaya ba. Masu suka ba su daɗe ba suka gano ramuka. A Ingilar da yake yabo, sai a 1947 aka yi dokar da ta buɗe ƙofar kai gwamnatin Sarki ƙara kan ɓarna kamar yadda ake kai kowa. Ya kuma yi wa tsarin Faransa mummunar fahimta, inda ya ɗauka kotunan musamman masu sauraron ƙara a kan hukuma mafaka ce ga jami'ai, alhali sau da yawa sun fi kotunan Ingila matsa wa hukuma. Wannan tsari na Faransa shi Nijar ta gada. Duk da haka abu biyu na farkon da ya faɗa sun tsaya da ƙafafunsu har yau.

Wanda ya fi kowa fayyace abin da ake bukata daga ita kanta dokar shi ne Lon Fuller na Harvard, a 1964. Ya ƙirƙiro labarin wani sarki mai kyakkyawar niyya da ya so ya yi wa mutanensa dokoki, ya gaza ta hanyoyi takwas. Wani lokaci bai kafa ƙa'ida ba sai yanke hukunci yadda ya ga dama, wani lokaci ya kafa ya ɓoye ta a aljihu. Ya yi dokar da ke hukunta abin da ya riga ya wuce, ya yi wadda ba mai gane ta, ya yi masu karo da juna, ya umarci abin da ba zai yiwu ba, ya riƙa sauya doka har mutane suka daina bibiya. A ƙarshe kuma, abin da aka rubuta daban, abin da jami'ansa ke yi daban. Dalilin da ya haɗa takwas ɗin ɗaya ne. Doka magana ce da ake yi wa mai hankali domin ya tsara rayuwarsa, ya san abin da zai jawo masa hukunci tun kafin ya aikata. Idan ba zai iya sani ba, ko ya sani amma sanin bai kare shi ba, to ba a mulkinsa da doka, ana dai juya shi ne.

Biyu daga cikin takwas ɗin sun isa mu gani a tarihinmu. Ɗauki dokar da ke komawa baya. A 1984 gwamnatin soja ta kafa Dokar Soja ta 20, wadda ta sa hukuncin kisa a kan fataucin hodar ibilis da wasu laifuffuka, aka kuma sa ta hau abin da aka aikata kafin a kafa ta. A watan Afrilu na 1985 aka harbe mutum uku a Legas a ƙarƙashinta. Ba wanda ke cewa fataucin ƙwaya abin kirki ne. Matsalar ita ce mutumin da ya aikata laifi yana sane da cewa ɗauri ne sakamakonsa, sai a wayi gari a ce ransa ne. Saboda irin wannan ne kundin tsarin mulki na 1999 ya toshe ƙofar ta fuska biyu: sashe na 4(9) ya hana majalisa yin dokar laifi mai komawa baya, sashe na 36(8) kuma ya hana a ɗora wa mutum hukuncin da ya fi wanda yake akwai ranar da ya yi laifin. Sashe na 36(12) ya ƙara da cewa ba a kama mutum da laifi sai an bayyana laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka. Tun 1961 aka gwada wannan ƙa'ida a shari'ar Aoko da Fagbemi, inda wata kotun gargajiya a Yamma ta hukunta wata mata kan zina, Babbar Kotu ta soke hukuncin domin babu rubutacciyar dokar da ta mai da zina laifi a wannan yanki. A Arewa kuwa Dokar Final Kot ta rubuta shi, saboda haka amsar za ta bambanta. Ƙa'idar ba ta damu da ko abu zunubi ne ko ba zunubi ba ne, tambayarta ita ce ko an sanar da mutum tun da wuri.

Na biyun, wato daidaito tsakanin abin da aka rubuta da abin da jami'ai ke yi, shi ne inda muka fi rauni. Sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Rubutun ba shi da aibu. Wanda ɗan'uwansa ya taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ya san nisan da ke tsakanin wannan sashe da bayan kanta. Haka nan sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum aiwatar da hukuncin kotu. Amma an tsare Kanar Sambo Dasuki daga Disamba 2015 zuwa Disamba 2019 duk da belin da kotuna daban-daban suka ba shi, da hukuncin Kotun ECOWAS na 2016 cewa a sake shi. A Disamba 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa, ba a sake su ba. Mutum na iya ƙin Dasuki, yana iya ƙin aƙidar Zakzaky, wannan bai taɓa batun ba. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ba kullum ake tashi haka ba, kuma adalci ne a faɗa. A Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Borno ɗan jam'iyyar GNPP, ta tsallaka da shi Chadi bisa zargin ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotu a Maiduguri ta saurari shaidu kan asalinsa, ta ce ɗan ƙasa ne, korar haramtacciya ce, ya kuma dawo gida. Kotun da ta yi wannan ba ta da soja ko ɗaya. Ƙarfinta duka ya rataya ne a kan yardar mai mulki ya sha kaye ya haƙura, da kuma tsoronsa na abin da jama'a za su ce idan ya ƙi.

To, daga nan ne gardamar masana take farawa, kuma suka mafi nauyi ta fito ne daga masoyan abin. A 1977 Joseph Raz ya rubuta wata muƙala da har yau ɗalibai ke kokawa da ita. Ya ce mulkin doka kyakkyawar sifa ce guda ɗaya daga cikin sifofin da tsarin shari'a zai iya samu, kada a cuɗa ta da dimokuraɗiyya ko adalci ko haƙƙin ɗan Adam. Ya kwatanta ta da kaifin wuƙa: wuƙar kirki ita ce mai kaifi, amma kaifin bai gaya maka abin da za a yanka da ita ba. Gwamnatin zalunci tana iya rubuta zaluncinta a fili, ta buga shi a jaridar gwamnati, ta sa alƙalai su aiwatar da shi ba sani ba sabo. Afirka ta Kudu ta yi kusa da haka. Dokar rajistar launin fata da dokar raba unguwanni, duka na 1950, majalisa ce ta zartar da su, an buga su, kowa ya san abin da suka ce. A Ghana ma, Dokar Tsare Mutane ta 1958 ta ba gwamnatin Nkrumah ikon kulle mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba, kuma a 1961, a shari'ar Baffour Akoto, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce dokar halattacciya ce. J. B. Danquah, lauyan da ya tsaya wa waɗanda aka tsare, shi kansa a tsare ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965.

Masu ɗaya ra'ayin sun ce idan haka ne, to abin bai cancanci sunan ba sai an zuba masa nama. Taron masana shari'a na duniya da aka yi a Delhi a 1959, da wanda ya biyo baya a Legas a Janairu 1961, sun faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da kare mutuncin ɗan Adam da kyautata rayuwarsa. Lord Bingham, tsohon babban alƙali a Birtaniya, ya fito ƙarara a littafinsa na 2010 ya ce bai yarda da Raz ba: ƙasar da ke gallaza wa wani ɓangare na mutanenta ba ta bin mulkin doka, ko da an bi kowace ƙa'ida wajen rubuta dokar gallazawar.

Zuciya tana tare da Bingham, amma ni a ganina Raz ya fi amfani ga mai son ya yi tunani a tsanake. Idan ka ce mulkin doka ya ƙunshi duk wani alheri, to ranar da aka yi saɓani kan mene ne alheri, kowa zai ce shi ne mai bin doka, abokin gardamarsa ne ya karya ta. A ƙasa irin Nijeriya, inda mutane suka sha bamban kan hukuncin kisa da rabon gado da matsayin shari'ar Musulunci, ana bukatar wani ma'auni da wanda ya yarda da kai da wanda bai yarda ba za su iya amfani da shi tare. An sanar da dokar? An saurari mutumin? Alƙalin yana da hannu a rigimar? An bi umarnin da ya bayar? Waɗannan tambayoyi suna da amsa ko da ba a shirya kan sauran ba. Sai dai Raz ya ɗan wuce gona da iri da ya nuna kamar azzalumi zai iya riƙe ƙa'idojin nan cikin sauƙi. A aikace ba ya daɗewa. Afirka ta Kudun da ake misali da ita ta ƙare da tsare mutane kwana 90 ba shari'a tun daga 1963, sannan ta ƙara wa'adin. Mu ma mun gani a gida. A 1970, a shari'ar Lakanmi, Kotun Ƙoli ta soke wata dokar soja da ta ambaci sunayen mutane ta ƙwace dukiyarsu, tana cewa wannan yanke hukunci ne aka yi da sunan kafa doka. Cikin makonni gwamnatin Gowon ta fitar da Dokar Soja ta 28, ta shafe hukuncin, ta hana kotuna taɓa dokokin soja. Mai son yin yadda ya ga dama yakan ji ƙa'idojin nan sun matse shi, shi ya sa yake fara wa da rufe ƙofar kotu. Wannan ya nuna Fuller yana da gaskiya a wani gefe: tsarin kansa yana da ɗan abin da yake karewa.

Suka ta biyu ta fi kusa da abin da ake faɗa a tasha da kasuwa. Mabiya Karl Marx sun ce daidaito a gaban doka mayafi ne da ke rufe rashin daidaito a rayuwa. Mai kuɗi da talaka suna da haƙƙi ɗaya na ɗaukar Babban Lauya, amma ɗaya ne kaɗai zai iya biya. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma ba manyan mutane ne suka cika ɗakunan ba. Wani lokaci ma dokar da kanta take karkata. Sashe na 308 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu rigar kariya muddin suna kan mulki. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba wanda jami'i ya zalunta wata uku kacal ya shigar da ƙara. Idan kuma ka yi nasara a kan gwamnati aka yanke maka diyya, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunce-hukuncen kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni Janar, wato lauyan wanda ka kayar. Ga kuma tarihin yadda abin ya zo mana. Turawan da ke karanta Dicey a Oxford su ne suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, suka kafa dokar hukunta gari guda kan laifin mutum ɗaya, suka tuɓe sarakuna suka kai su nesa da ƙasarsu. Wanda ya ce da bakin bindiga aka kawo mana wannan darasi bai yi ƙarya ba.

Amsar da ta fi ƙarfi ga wannan suka ta fito ne daga wani ɗan Markisanci, masanin tarihi E. P. Thompson. A 1975 ya wallafa bincike kan wata dokar Ingila ta 1723 da ta sa hukuncin rataya a kan laifuffuka kusan hamsin, yawancinsu irin farautar barewa da sare itace a dajin manya. Ya nuna dalla-dalla cewa masu ƙasa ne suka yi dokar don kare dukiyarsu. Sai kuma a ƙarshen littafin ya ba abokansa mamaki, ya ce duk da haka mulkin doka alheri ne ga ɗan Adam ba tare da wani sharaɗi ba. Dalilinsa shi ne, doka ba za ta yi wa masu mulki amfanin rufe ido ba sai mutane sun ga alamar adalci a cikinta, kuma ba za a ga alamar ba sai wani lokaci ta yi adalcin da gaske, har a kan masu ita. Da haka sai su faɗa tarkon maganarsu. Tarihin mulkin mallaka a nan ya ba da misali. A 1925 Turawa suka tuɓe Eshugbayi Eleko na Legas suka kore shi zuwa Oyo. Aka bi shari'ar har Landan, inda a 1931 kotun ƙoli ta daular ta ce gwamna ba shi da ikon taɓa 'yancin mutum sai ya iya kare matakinsa a gaban kotu. A wannan shekarar Eleko ya koma Legas. Nasara ɗaya ce cikin zalunci mai yawa, kuma masu sukar Thompson sun yi daidai da suka ce irin wannan nasara takan sa a manta da dubban da ba su kai ko ƙofar kotu ba. Sai dai idan aka bi sukar har ƙarshenta, abin da take nema shi ne lauyan kyauta ga marar hali, da saurin shari'a, da goge sassan da suka fifita hukuma. Ba ta ba da dalilin a bar talaka da ɗan sanda su biyu ba alƙali a tsakani.

Akwai kuma masu cewa duk maganar ruɗi ce, domin doka ba ta magana, alƙali ne ke magana da sunanta. Hausawa sun riga su da cewa shari'a saɓanin hankali. A Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani a Zamfara ba, saboda haka ƙuri'un da ta samu sun tashi a banza, wanda ya zo na biyu ya zama gwamna. Wasu sun ga tsantsar bin ƙa'ida, wasu sun ga alƙalai biyar sun rinjayi dubban masu zaɓe. A rikicin masarautar Kano na 2024, kotun tarayya da kotun jiha sun ba da umarni masu karo da juna cikin kwanaki kaɗan, har Alƙalin Alƙalai ya kira shugabannin kotunan biyu. Wane umarni ɗan sanda zai bi? Sukar tana da tushe, amma tana ɗaukar shari'o'in siyasa masu zafi kamar su ne duka shari'a. Mafi yawan rigimar bashi da haya da gado doka ta riga ta faɗi amsarsu, shi ya sa lauya ke iya gaya wa mutum tun a ofis cewa ba zai ci ba. Inda kuwa doka ta bar sarari, alƙali ya bambanta da mai mulki ta wajen cewa dole ya saurari ɓangare biyu, ya rubuta dalilinsa, wata kotu ta iya warware shi.

Suka ta ƙarshe ita ce ta tsaro, kuma ita ce masu mulki suka fi so. Carl Schmitt, masanin shari'a na Jamus wanda daga baya ya shiga jam'iyyar Nazi, ya rubuta a 1922 cewa mai iko na gaskiya shi ne wanda ke yanke lokacin da za a jingine doka. A Agusta 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya gaya wa taron Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya cewa dole mulkin doka ya bi bayan tsaron ƙasa da muradunta. Wanda ya ga abin da Boko Haram ta yi a Borno, ko 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, ba zai yi wa maganar dariya ba. Tambayar da ba a amsa ba ita ce wa zai tantance cewa tsaro ne da gaske. Kundin tsarin mulki bai manta da tashin hankali ba. Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa ikon kafa dokar ta-ɓaci, amma sai kashi biyu cikin uku na kowane zauren majalisa sun amince, cikin kwana biyu idan majalisa tana zama ko kwana goma idan tana hutu, kuma wa'adinta wata shida ne sai an sabunta. Hanyar tana nan, tana da ƙofa da makulli. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne jami'i ya karanta umarnin kotu ya ajiye shi a durowa domin shi ya ga tsaro ya fi.

Nijar ta ga inda wannan hanya take kaiwa. A 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya nemi tazarce ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Kotun Tsarin Mulki ta ce shirin ya saɓa wa kundin ƙasa. Ya rusa majalisa a watan Mayu, ya ɗauki ikon ta-ɓaci, ya rusa kotun a watan Yuni, ya yi ƙuri'arsa ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka shiga fadarsa suka kama shi. Daga baya, yana tsare, aka kai kukansa Kotun ECOWAS, ita kuma a Nuwamba 2010 ta ce tsarewar ba ta kan doka, a sake shi.

Ɗalibin da aka ba wannan batu a jarrabawar falsafar shari'a, kada ya tsaya ga jera sunayen Dicey da Fuller da Raz da Bingham kamar mai kiran rajista. Malami ya riga ya san sunayen. Ka faɗi tun a shafin farko ko kana tare da masu taƙaita ma'anar ga tsari da hanya, ko masu cusa haƙƙin ɗan Adam a cikinta, ka kawo hujja mafi ƙarfi ta ɓangaren da ka bari, ka amsa ta. Sannan ka ɗauki shari'a ɗaya ta gida, Lakanmi ko Shugaba ko Dasuki, ka karanta hukuncin da kanka daga farko har ƙarshe, ka nuna wace ƙa'ida aka taka, wa ya taka ta, da abin da kotu ta iya yi da wanda ya gagare ta.